Tsohon asusunka na Google yana da wa'adi: yadda za ka ceto hotunanka da takardunka kafin a goge su

Kafin mu fara, ka ɗan tsaya ka ƙirga: Gmail nawa aka taɓa buɗe maka tun daga wayarka ta farko zuwa wadda ke hannunka yanzu? Yawancinmu idan muka sayi sabuwar waya, mai shagon ne ko wani aboki yake buɗe mana sabon Gmail nan take don mu samu shiga Play Store, tsohon kuma a bar shi can. To tsohon nan bai tafi hannu rabbana ba. Hotunan da tsohuwar wayar ta ɗora a Google Photos da takardun da ka ajiye a Drive duk suna cikinsa, kuma tun ranar da ka daina taɓa shi aka fara ƙirga masa kwanaki.

Darasin yau a kan wannan ƙirgen ne: yaushe yake farawa, yaushe yake cika, da abin da za ka yi kafin ya cika. Zan bi da kai ta kan abin da ya faru da yayana, ɗan kawuna, a nan Yelwa.

Abin da dokar ta ce

A watan Mayu na 2023 Google ya sanar cewa duk asusun mutum na ƙashin kansa da ya shekara 2 ba a yi amfani da shi ba, kamfanin yana da damar goge shi da duk abin da ke ciki: Gmail, Drive, Docs, Calendar da Photos. Ya ce gogewar ba za ta fara ba sai daga 1 ga Disamba, 2023, kuma za a soma da asusun da aka buɗe aka watsar ba a sake waiwayarsu ba. Dalilin da ya bayar shi ne tsaro: asusun da aka watsar yawanci tsohuwar kalmar sirri ce a kansa, ba mai lura da shi, don haka ya fi sauƙin sacewa.

Ka lura da kalmar "dama". Ba wai ranar da shekara 2 ta cika cif za a goge ba. Ana iya ɗaukar lokaci bayan haka. Amma daga wannan ranar ba ka da wani tabbaci, kuma ba wanda zai ce maka ga ranar.

Me ake ɗauka a matsayin amfani? Ka shiga asusun, ko kuma kana cikinsa ka yi ɗaya daga waɗannan: karanta imel ko aika shi, buɗe Drive, kallon bidiyo a YouTube, sauke manhaja a Play Store, bincike a Google, ko shiga wata manhaja da maɓallin Sign in with Google. Abu biyu ne suke ruɗa mutane a nan. Na farko, shigowar saƙo kawai ba ta cikin lissafi. Ko saƙo dubu ya shigo, idan ba a buɗe ba, asusun a kwance yake. Na biyu, asusu ake dubawa, ba mutum ba. Ko kullum kana kwana a YouTube da sabon Gmail ɗinka, wannan bai ƙara wa tsohon ko kwana ɗaya ba.

Akwai waɗanda dokar ta tsame: asusun makaranta ko na wurin aiki, asusun da ake biya wa kuɗin wata kamar Google One, da wanda aka ɗora bidiyo a tasharsa ta YouTube. Asusun da aka buɗe maka a shagon waya da wuya ya shiga cikin waɗannan.

Yadda abin ya faru da Yaya

Yayana yana fataucin busasshen kifi tsakanin Wara da Yelwa. A watan Maris na 2023 wayarsa ta suɓuce ta faɗa ruwa wajen sauka daga jirgi. Ya sayi wata, aka buɗe masa sabon Gmail, ya kuma sayi sabon layi, saboda a ganinsa zuwa ofis a bi layi don a dawo da tsohuwar lamba ɓata ranar kasuwa ne.

A cikin tsohon asusun akwai hotunan mahaifinsa, wanda ya rasu a 2022, da hoton takardar cinikin gonarsu mai ɗauke da sa hannun shaidu. Ainihin takardar ruwa ya jiƙa ta a daminar 2024, tawadar ta narke, sunaye biyu ba sa karantuwa.

Ni ne na buɗe masa wancan asusun tun 2020, kuma na sa wani imel nawa a matsayin imel na maidowa. A Disamba 2024 ina share tarin saƙonnin talla a wannan imel ɗin sai na ci karo da gargaɗi daga Google a kan asusun Yaya, ya daɗe a kwance ban gani ba. Na kira shi na ce, "Yaya, tsohon Gmail ɗinka fa ana shirin goge shi." Ya ce, "Kai ƙane, wayar da ke ƙasan ruwa me kuma ya rage a goge?" Da na ce masa hotunan Baba da takardar gona suna ciki, ya yi shiru, sannan ya ce gobe da sassafe yana tafe.

Ga lissafin da muka yi. Amfani na ƙarshe Maris 2023. Ƙara shekara 2, ya zama Maris 2025. Muna Disamba 2024, wato wata 21 sun wuce, saura wata 3. Kai ma haka za ka yi naka: ka tuna watan da tsohuwar wayar ta lalace, ko aka sace ta, ko ka sayar, ka ƙara wata 24.

Wa'adin da ya fi na Google gajarta

Babban abin da nake so ka ɗauka daga darasin nan shi ne wannan: Google ya ba ka shekara 2, amma mabuɗin shiga asusun yana iya mutuwa tun kafin nan. Mabuɗin kuwa shi ne layin wayarka.

A ƙa'idar hukumar sadarwa ta NCC, layin da ya yi wata 6 ba kira, ba saƙo, ba sayen kati ko data, kamfani yana iya rufe shi. Idan ya ƙara wasu wata 6 a haka, ana iya sayar da lambar ga wani. Ga kuma layukan da aka toshe saboda rashin haɗa su da NIN, aikin da aka fara tun Disamba 2020, wanda mutane da yawa suka watsar da nasu suka sayi sabo. Ke nan a cikin shekara ɗaya lambar da Google yake tura wa lambar tantancewa tana iya komawa aljihun baƙo, alhali asusun yana da sauran shekara guda.

Mun kira tsohuwar lambar Yaya, sai wata mata ta ɗauka, ba ta san shi ba. Lambar ta zama tata, kuma ba laifinta ba ne. Ban roƙe ta ta karanto mana wata lamba ba, don duk wanda ya kira ka ya ce ka karanto masa lambar da aka turo, daidai ne ka kashe wayarka.

Gargaɗin da Google yake aikawa ma haka ne. Ya yi alkawarin tura saƙonni watanni kafin ya goge, amma ina yake tura su? Cikin asusun da ba ka buɗewa, da kuma imel na maidowa idan ka sa. Idan ba ka sa ba, an yi shela ne a gidan da ba kowa.

Mataki na 1: gano adireshin

Idan ka manta sunan Gmail ɗin, ka buɗe burauza ka rubuta wannan da hannunka:

```
accounts.google.com/signin/usernamerecovery
```

Zai nemi lambar waya ko imel na maidowa, da sunan da aka buɗe asusun da shi, sannan ya tura lambar tantancewa. Idan layin ya tafi, ka nemi adireshin ta wata hanya: wanda ka taɓa aika wa imel, takardar rajistar JAMB ko ta makaranta da ka buga, ko asusunka na Facebook, a wurin da ake nuna bayanan tuntuɓa.

Kada ka bi mahaɗin da ke cikin saƙon gargaɗi ko da ya yi kama da na gaske. 'Yan damfara suna kwaikwayon irin wannan saƙon sosai, saboda sun san tsoro yana sa mutum saurin latsawa.

Mataki na 2: shiga

Idan lambar ba a ba wa kowa ba tukuna, ka fara zuwa ofishin kamfanin layinka da NIN ɗinka a dawo maka da ita. Wannan ita ce hanya mafi sauƙi. Daga nan ka buɗe:

```
accounts.google.com/signin/recovery
```

Ka sa kalmar sirri ta ƙarshe da kake tunawa. Idan a shago aka buɗe maka, gwada tsohuwar lambar wayarka, don da yawa ita suke sawa. Idan ya ce zai tura lamba zuwa layin da ba ka da shi, ka latsa Try another way har ya kawo zaɓin da kake da shi. Mu a nan ne ya kawo imel ɗina, lamba mai alƙaluma 6 ta shigo, muka sa sabuwar kalmar sirri.

Google yana duba na'ura da wurin da ake ƙoƙarin shiga. Idan akwai wata waya ko kwamfuta da ka taɓa shiga asusun da ita, yi amfani da ita, a garin da ka saba, kuma ka kashe VPN. Wani lokaci zai ce ka jira sa'o'i ko kwanaki kafin ya ba da amsa. Ka jira, kada ka yi ta sake farawa.

Abin da allon ya rubuta shi zai gaya maka matsayinka. Idan ya ce Google couldn't verify this account belongs to you, asusun yana nan da ransa, shaidarka ce ba ta isa ba, kuma kana iya sake gwadawa da wata na'ura ko wata tsohuwar kalmar sirri. Idan ya nuna cewa an goge asusun kwanan nan kuma ana iya dawo da shi, ka bi matakan a take, kada ka ce sai gobe, don ƙofar ba ta daɗewa a buɗe. Idan ya ce Couldn't find your Google Account, ka fara duba rubutun, harafi ɗaya ko lamba ɗaya yana iya jawo haka. Idan ka tabbata rubutun daidai ne, to mai yiwuwa an riga an goge, kuma adireshin Gmail da aka goge ba a sake ba wa kowa shi, har kai mai shi. Idan kuwa ya ce an dakatar da asusun, da kalmar disabled, wannan wata matsala ce daban ta karya doka, hanyarta ɗaukaka ƙara ce a shafin da ya nuna maka.

Duk wanda ya ce ka turo kuɗi yana da ɗan'uwa a Google da zai dawo da asusun da aka goge, kuɗinka kawai yake so.

Mataki na 3: canza makullin kafin ka kalli hoto ko ɗaya

Shigarka kaɗai ta mayar da ƙirgen shekara 2 farko. Amma kada daɗi ya ɗauke ka. Ka tafi `myaccount.google.com`, ka shiga Security, ka cire tsohuwar lambar daga Recovery phone ka sa wadda ke hannunka, ka sa Recovery email da kake buɗewa kullum. Muddin tsohuwar lambar tana nan, wanda ya gaje ta yana riƙe da rabin mabuɗinka. Ka sani kuma canjin yana iya ɗaukar har kwana 7 kafin ya zauna sosai, don haka kada ka fita daga asusun a wayar cikin wannan makon.

Mataki na 4: duba kwandon shara

A Drive da Gmail, abin da aka jefa a Trash ko Bin kwana 30 yake yi sannan ya tafi gaba ɗaya. Photos ma yana da nasa kwandon mai wa'adi. A asusun da ya shekara a kwance ba za ka samu komai a nan ba. Amma idan kwanan nan ka goge wani abu bisa kuskure, nan ne wurin farko: ka zaɓi fayil ɗin ka latsa Restore.

Mataki na 5: sauke komai

Ka buɗe `takeout.google.com`. Ka latsa Deselect all, sannan ka zaɓi abin da kake so kaɗai. Mu mun zaɓi Photos, Drive da Contacts. Ka latsa Next step, ka bar hanyar aikawa a kan mahaɗi ta imel, nau'in fayil `.zip`, girma kuma 2 GB, ko 1 GB idan sabis ɗinku yana yawan yankewa. Amfanin ƙananan guntaye shi ne idan ɗaya ya katse, shi kaɗai za ka sake, ba duka ba. Daga nan Create export.

Haɗa kayan yana ɗaukar sa'o'i, wani lokaci fiye da kwana. Idan ya gama za a aiko maka imel, kuma nan wani sabon wa'adi ya fara: mahaɗin kusan kwana 7 yake yi, kuma sau 5 kawai aka yarda a sauke kowane kunshi. Don haka kada ka nemi Takeout sai ka tanadi data da wurin ajiya. Idan ya wuce ba a rasa komai ba, sai dai ka sake nema daga farko.

Na Yaya ya kai 6.4 GB, ya zo guntu 4. Mun sayi data ta dare, muka sauke a dare biyu, waya tana jone da caji. Guntu na uku ya katse a tsakiya. Mun gane haka ne saboda girmansa bai kai abin da shafin ya rubuta ba, kuma ya ƙi buɗewa, sai muka sake sauke shi. Kai ma kada ka yarda ka gama sai ka buɗe kowane guntu da manhajar fayil ta wayarka, ka latsa Extract, ka ga hotunan da idonka. Ka tuna wurin da za ka buƙata ninki biyu ne, na kunshin da na abin da aka kwance. Za ka ga ƙananan fayiloli masu ƙarewa da `.json` a gefen hotunan. Kada ka goge su, bayanin ranar ɗaukar hoton da wurinsa ne a ciki.

Takardar gonar tana guntu na biyu, sunayen shaidu duka huɗu suna karantuwa. Mun buga ta kwafi uku a ranar, muka kwafe sauran kayan a memori da filash.

Abin da ba mu samu ba

Yaya ya fi son saƙonnin muryar mahaifinsa da ke WhatsApp. Waɗannan ba su dawo ba. Ajiyar WhatsApp da ke Drive ba ta maiduwa sai da lambar waya ɗaya da asusun Google ɗaya da aka yi ta da su, lambar kuwa ta tafi. Ko da tana nan, ajiyar da ta yi wata 5 ba a sabunta ba ana iya cire ta, asusun WhatsApp kansa kuma yawanci ana goge shi bayan kwana 120 ba a hau ba. Ajiyar wayar Android, mai ɗauke da saƙonnin tes da tarihin kira, ita ta fi kowa gajeren rai: kwana 57 idan ba a yi amfani da wayar ba. Da mun dawo da layin a makon da wayar ta faɗa ruwa, da muryar Baba tana nan. Sakacinmu ne, ni da shi.

Wato idan waya ta ɓace, ba shekara 2 gare ka ba. Wata 2 na farko su ne masu tsada.

Kada a sake

Ka ƙara tsohon asusun a wayar da kake riƙe da ita, ta Settings sannan Add account, ka riƙa buɗe Gmail ɗinsa lokaci-lokaci. Ni na ɗaure nawa da sallah: ƙarama da babba, ina shiga duk asusuna in duba lambar maidowa. Ka duba kuma kada ya cika, don 15 GB na kyauta Gmail da Drive da Photos ne suke raba shi, kuma asusun da ya shekara 2 a cike fiye da ƙima shi ma ana iya goge abin da ke cikinsa. Idan kana da ajiya a wani kamfanin, ka karanta nasa wa'adin, ba duka ne shekara 2 ba.

Na ƙarshe, ka buɗe `myaccount.google.com/inactive`. A nan za ka zaɓi wata 3, 6, 12 ko 18, ka sa mutanen da ka amince da su, har 10, waɗanda za a sanar kuma a ba su damar sauke abin da ka zaɓa idan aka daina ganin motsinka. Rai ba a hannunmu yake ba, kuma iyalai da yawa sun rasa hotuna da takardun mamacinsu saboda ba wanda ya san ƙofar shiga. Yaya ya sa ni da matarsa, ya zaɓi wata 6.

Yanzu sai ka koma kan tambayar farko. Ka rubuta duk Gmail ɗin da ka taɓa yi a takarda, ka sa watan da ka rabu da kowanne a gefensa, ka fara da wanda ya fi daɗewa. Sai mun haɗu a darasi na gaba, in sha Allahu.